Jarrabawar IELTS tsakanin aiki da hidimar gida: yadda ake yanka mako

Wanda yake da aiki da iyali, idan ya ɗaura niyyar jarrabawar harshe, abin da ya fara yi galibi shi ne lissafin awoyi. Ya ce awa biyu kullum, wata uku, shi ke nan. A takarda lissafin yana fita daidai. Amma ba kowace awa ba ce take iya ɗaukar kowane irin karatu. Awar da mutum ya samu a cikin motar haya, ana hayaniya, da awar da ya samu bayan sallar Asuba kafin yara su tashi, sunansu ɗaya, abin da za a iya shukawa a cikinsu ne ya bambanta. Masu aiki da yawa da suke faɗuwa ba ragwaye ba ne. Sun yi karatu sosai, sai dai sun zuba shi ne a ɓangaren da ya fi sauƙin shiga ɓarɓashin lokaci, suka bar ɓangaren da yake bukatar a zauna.

Don maganar ta fito fili, bari mu ɗauki jarrabawa guda, wato IELTS, jarrabawar Turancin da ake nema wurin masu son karatu ko aiki a Birtaniya da Kanada da Ostareliya. An fara ta a 1989, kuma hukumomi uku ne suke da ita: British Council da IDP da Cambridge. Mu ɗauki kuma mutum guda a matsayin misali, a ce ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Kano, tana da miji da yara uku, tana aikin karɓa-karɓa, safe da yamma da dare, tana kuma son rajista da hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, wadda ake kira NMC. Za mu kira ta Sista, kamar yadda majinyata suke kiranta.

Abin da aka gindaya mata

Jarrabawar kashi huɗu ce. Akwai sauraro, wajen minti 30, tambaya 40, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Akwai karatu, minti 60, dogayen rubuce-rubuce uku, shi ma tambaya 40. Akwai rubutu, minti 60, aiki biyu: na farko bayanin jadawali ko zane a kalma 150 zuwa sama, na biyu maƙala ta kalma 250 zuwa sama. Sai magana, hira da mai jarrabawa ta minti 11 zuwa 14. Ana ba kowane kashi maki daga 0 zuwa 9, har da rabi-rabi. Ukun farko a zama ɗaya ake yin su, ba hutu, kusan awa biyu da minti arba'in.

NMC tana neman nau'in jarrabawar na 'yan makaranta, wato Academic, tana kuma neman maki 7 a sauraro, 7 a karatu, 7 a magana, 6.5 a rubutu. Nan ne ƙullin yake. Ba jimilla kaɗai ake dubawa ba. Sista tana iya samun 8 a sauraro da 8 a karatu, idan rubutu ya tsaya a 6, ba ta cika sharaɗi a wannan zaman ba. Ƙarfin wani kashi ba ya rufa wa wani asiri. Kuma sakamakon shekara biyu ake karɓarsa, kuɗin rajista kuwa ya kai ko ya haura albashin wata na ma'aikata da yawa. Ba jarrabawar da mai iyali zai shiga don ya gwada sa'a ba ce.

Saboda haka makon farko ba na karatu ba ne, na awo ne. Sista za ta nemi ɗaya daga cikin littattafan tsoffin tambayoyi da Cambridge take fitarwa, masu lamba-lamba, ta zaɓi ranar hutunta, ta rufe ƙofa, ta sa agogo, ta yi jarrabawa guda cikakkiya. Sauraro da karatu ita za ta iya yi wa kanta maki, tunda amsoshin suna bayan littafi. Ma'aunin da masu jarrabawar suka bayar shi ne, amsa 23 daidai cikin 40 tana ba da wajen maki 6, amsa 30 tana ba da 7, amsa 35 tana ba da 8, da ɗan bambanci daga wannan zama zuwa wancan. A ce ta ci 28 a sauraro, 25 a karatu. Ke nan a sauraro amsa biyu ko uku ne tsakaninta da 7, a karatu kuma biyar. Rubutu da magana ba za ta iya auna kanta ba. Dole ta sami wanda ya san ma'aunin jarrabawar ya duba mata, ko da za ta biya. A ce ya duba ya ce maganarta tana wajen 6.5, rubutunta 5.5.

Yanzu ta san inda ramin yake. Rubutu yana bukatar hawa mataki guda cur, saura kuwa rabi-rabi ne, sai karatu da yake ɗan nesa. Cambridge tana ƙiyasta cewa hawa daga wani matakin harshe zuwa na gaba, a ma'aunin Turai mai matakai shida, yana cin wajen awa 200 na karatun da ake yi da jagora. Maki 7 yana daidai da farkon matakin da suke kira C1, maki 5.5 zuwa 6.5 kuma suna cikin B2. Wanda yake iya fitar da awa bakwai a mako, awa 200 za ta ci masa kusan mako 29, wato wata bakwai ba kaɗan. Sista ba daga tushe za ta faro ba, tunda da Turanci ta yi makaranta, da shi take rubuta rahoton majinyata, don haka wata huɗu zuwa biyar na iya isar ta. Amma wanda ya gaya mata za ta yi a mako shida da irin wannan aikin nata, kuɗinta yake so. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a fara biyan kuɗi a tsayar da rana, wai don tsoron asara ya tilasta wa mutum karatu. Tsoro yana sa mutum ya zauna, ba ya ƙara wa mako kwana. A yi awo, a yi wata biyu ana aiki, a sake awo, sannan a kama rana.

Lokaci iri uku

Idan Sista ta zauna da makonta ta dube shi da kyau, za ta ga lokacin da take da shi iri uku ne. Akwai ɓarɓashi: minti goma sha biyar a cikin Adaidaita, minti goma tana jiran a karɓe ta, lokacin wanke-wanke ko guga, inda hannu yake aiki amma kunne yana sake. Akwai matsakaici, minti ashirin da za ta iya zama da takarda a gabanta, kamar lokacin hutun cin abinci ko bayan yara sun tafi Islamiyya. Sai kuma lokaci mai tsada, minti arba'in zuwa awa guda, ba mai kiranta, kanta kuma bai gaji ba. Wannan na ukun, mai iyali da ƙyar yake samunsa sau uku ko huɗu a mako.

Ka'idar ita ce, kada a taɓa kashe lokaci mai tsada a kan abin da ɓarɓashi zai iya ɗauka. Sauraro yana shiga ɓarɓashi. Maimaita kalmomi yana shiga ɓarɓashi. Rubuce-rubucen nan uku na kashin karatu kowanne rabonsa minti 20 ne, don haka guda ɗaya yana shiga matsakaicin lokaci kamar an auna masa. Rubutu ne kaɗai ba ya shiga ko'ina sai lokaci mai tsada, domin maƙalar aiki na biyu minti 40 take bukata a jere, kuma ba a rubuta hujja mai ma'ana ana tashi duba tukunya.

To amma abin da yake faruwa a zahiri akasin haka ne. Mutum ya samu awarsa mai tsada, sai ya buɗe waya ya kalli bidiyon wani malami yana bayyana sirrin cin maki 9. Kallon yana da daɗi, ba ya tona asirin kowa, kuma idan an gama ana jin an yi karatu. Rubutu kuwa yana da ɗaci, domin kowace jimla tana nuna wa mutum iyakarsa. Sai a yi wata uku ana “shiri”, a ƙirga maƙalun da aka rubuta da hannu a ga ba su kai biyar ba. Ma'aunin da ya fi awoyi gaskiya shi ne wannan: maƙala nawa na rubuta a makon nan, nawa aka gyara mini, nawa na sake rubutawa?

Ga yadda makon Sista zai iya kasancewa idan tana aikin safe. Litinin da Laraba da Juma'a, bayan sallar Asuba, minti 45 na rubutu, kafin a fara ɗora ruwan wankan 'yan makaranta. Wannan awa biyu da kwata ke nan. A hanyar zuwa aiki, minti 20 na sauraro kwana biyar, awa ɗaya da minti arba'in. Da daddare, kwana huɗu, minti 15 na magana, awa guda. Ranar hutu kuma zama ɗaya na awa biyu, inda za ta yi kashin karatu cikakke da agogo, ta ɗauki awa ta biyun tana binciken kurakuranta. Jimilla ta kusa awa bakwai. Ba ta da yawa a ido, amma kowace tana inda ya dace da ita, kuma kashi mafi rauni shi ya samu lokaci mafi kyau.

Ban ce dole sai Asuba ba. Wanda yake komawa gida ƙarfe goma na dare daga kasuwa, Asubarsa ta barci ce, ya nemi nasa gurbin, ko da a ofis ne kafin abokan aiki su iso. Na fifita safiya ne saboda dalili biyu: kai bai cika da kayan yini ba, kuma ba mai yin sallama a wannan lokacin. Dare kuwa kullum akwai mai cinye shi, ko baƙo, ko zazzaɓin yaro, ko ɗauke wuta, ko gajiya.

Abin da ake yi a cikin minti 45 ɗin

Zaman nan uku ba maƙala uku za su haifar ba. Guda ɗaya za su haifar, amma za a bi ta sau uku.

Ranar Litinin ta tsarawa ce. Sista za ta ɗauko tambayoyi uku, ta ba kowacce minti goma, ba tare da ta rubuta maƙalar ba. A ce tambayar ta ce wasu suna ganin gwamnati ta fi zuba kuɗi a rigakafin cututtuka maimakon magani, wasu suna ganin akasin haka, a tattauna ra'ayoyin biyu a faɗi nata. Aikinta shi ne ta ja layi a ƙarƙashin abin da aka nema, ta ga abu uku ne, ba biyu ba: ra'ayin farko, ra'ayi na biyu, da matsayarta. Sannan ta rubuta a taƙaice hujja guda ga kowane ɓangare, da misali guda, kamar allurar rigakafin ƙyanda da abin da jinyar yaron da ta kama take ci. Wanda ya manta faɗin nasa ra'ayin, ko ya ajiye shi sai jimlar ƙarshe a dunƙule, ya zubar da maki komai kyan Turancinsa, domin kashi ɗaya cikin huɗu na makin rubutu na amsa tambayar ne yadda aka yi ta. Sauran ukun su ne tsari da haɗuwar zance, yalwar kalmomi, da nahawu, kowanne da nauyi daidai da ɗan'uwansa.

Ranar Laraba ta zaɓi ɗaya cikin ukun, ko ma sabuwa, ta rubuta cikakkiya a minti 40: biyar na tsari, talatin na rubutu, biyar na dubawa. Idan agogo ya buga, ta tsaya, ko da a tsakiyar jimla take. A ranar za ta tura wa mai gyara.

Ranar Juma'a ita ce ranar da ake ƙaruwa, kuma ita aka fi tsallakewa. Ta ɗauko maƙalar da aka gyara, ta karanta gyaran, ta rufe shi, ta sake rubuta maƙalar daga farko. Kowane kuskuren da aka ja mata layi ta shigar da shi wani ƙaramin littafi, jimlarta a hagu, gyararriya a dama. Bayan mako huɗu za ta ga abin mamaki: kurakuranta ba ɗari ba ne, iri biyar ne ko shida suke ta dawowa. A wurin Bahaushe galibi ana samun sakin ƙananan kalmomin nan da Turanci yake sawa gaban suna, da mance harafin jam'i a ƙarshen kalma, da rashin daidaita aikatau da mai aikin, da kuma dogayen jimloli da aka jera da waƙafi ba aya. Minti biyar ɗin ƙarshe na ranar jarrabawa, waɗannan biyar ɗin za ta farauta, ba karatun maƙala gaba ɗaya da fatan ganin wani abu ba.

Aiki na biyu nauyinsa ninki biyu ne na aikin farko, shi ya sa ya fi cin lokaci. Amma duk mako na uku sai a ba aikin farko zaman ukun. Abin da aka fi faɗuwa a kansa a nan shi ne mutum ya yi ta jero lambobin jadawali ɗaya bayan ɗaya, bai ware jimla biyu ya faɗi babban hoton ba, wato me ya hau, me ya sauka, wanne ya fi kowa. Ma'aunin masu gyara ya ambaci wannan taƙaitaccen bayani da sunansa, kuma wanda bai kawo shi ba ba ya wuce tsakiya a wannan ɓangaren. Ma'aikaciyar jinya ta san wannan aikin ba tare da ta sani ba, domin kullum tana duban takardar zafin jikin majinyaci ta gaya wa likita a jimla ɗaya cewa zazzaɓin ya sauka tun dare.

Haddace maƙala, ko jimlolin ado da ake sayarwa a matsayin makullin kowace tambaya, ɓata lokaci ne. An horar da masu gyara su gane haddatacce, kuma ba ya cikin abin da suke ba wa maki. Sannan wanda zai yi jarrabawarsa a kwamfuta, ya tabbata ranar Larabarsa a kan madannin kwamfuta yake yinta. Mutane da yawa sun ƙware da babban yatsa a waya, amma ba su taɓa buga kalma 250 a kwamfuta cikin rabin awa ba, kuma a zauren jarrabawa babu mai gyara musu harafin da ya kauce. Idan babu kwamfuta a gida, aro ko zama a shagon kwamfuta sau ɗaya a mako yana cikin kuɗin jarrabawa, a sa shi a lissafi tun farko.

Ɓarɓashin ma da ka'idarsa

Kunna rediyon Turanci ana girki yana saba wa kunne da sautin, amma ba ya ƙara amsa ko ɗaya idan hankali ba ya wurin. Abin da ya fi shi ne gajeren shiri guda, kamar shirin minti shida na koyon Turanci da BBC take yi, a sauke shi a waya lokacin da ake da data, a saurare shi sau biyu a hanya, da yamma a duba rubutaccensa a ga wuraren da kunne ya tsallake. Sau ɗaya a mako kuma a yi kashin sauraro na gaske, da alkalami, ba tsayarwa ba komawa baya.

Amsa biyu ko ukun da suka rage wa Sista a sauraro, da wuya a ce rashin fahimta ne ya cinye su. Idan ta bincika za ta tarar ta ji amsar, ta rubuta ta da kuskuren harafi, ko ta saki jam'i, ko ta rikita sha biyar da hamsin, waɗanda a Turanci wurin nauyin murya ne ya fi raba su, ko kuma an ce NO MORE THAN TWO WORDS ta rubuta uku. Duk waɗannan faɗuwa ce cikakkiya. Shi ya sa kowace amsar da ta faɗi za ta rubuta dalilinta a gefe: ban ji ba, na ji na kuskure rubutu, ko hankalina ya tafi. Kowanne maganinsa daban. Kuma tunda ba a rage maki saboda amsar da ba daidai ba, ba a barin gurbi fanko.

A kashin karatu, wurin da ake zubar da maki shi ne tambayoyin True, False, Not Given. Mutum yana da ilimin abin da ake magana a kai, sai ya amsa da abin da ya sani, alhali abin da marubucin ya faɗa ake tambaya. Ma'aikatan lafiya sun fi kowa faɗawa wannan idan rubutun ya taɓo fanninsu. Awa ta biyu ta ranar hutu ta wannan ce: ga kowace amsa, a nemo ainihin jimlar da ta tabbatar da ita ko ta ƙaryata ta. Idan an duba babu, to babu ɗin ita ce amsa. Wanda ya yi jarrabawar gwaji goma bai binciki kurakuransa ba, wanda ya yi huɗu ya bincika ya fi shi.

Kalmomi kuwa, a riƙe kaɗan a yi ta waiwayarsu. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a sa'o'in farko, kuma maimaitawar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Duk wanda ya yi hadda ya san haka: ba yawan sabon allo ba ne yake riƙe karatu, tilawar baya ce. Kalma takwas ko goma a mako, kowacce cikin jimlar da aka tsince ta, a duba gobe, a duba bayan kwana uku, a duba bayan mako, sannan a tilasta wa kai amfani da biyu a maƙalar Laraba. Wannan aikin layin banki ne da zaman jiran mota.

Magana ita ce ta fi sauƙin shiga gida, idan an kawar da kunya. A kashi na biyu na hirar ana ba mutum batu, a ba shi minti ɗaya ya shirya, ya yi magana har minti biyu shi kaɗai. Minti 15 sun isa a yi haka: minti ɗaya na shiri, biyu na magana ana ɗauka a waya, a saurara, a sake. Sauraron muryar kai ba daɗi, amma a nan mutum zai ji inda yake maimaita kalma ɗaya, da inda yake musanya sautin p da f, abin da yake bin Hausawa da yawa tunda harshenmu bai raba su ba. Ba a neman mutum ya koma Bature. Lafazin gida ba laifi ba ne muddin ana gane kalmar ba wahala. 'Yar sakandaren gidan tana iya riƙe agogo ta karanto tambaya, kuma yara suna son wannan aikin fiye da yadda ake zato.

Makon da ya ƙi tafiya daidai

Duk wannan tsarin na makon lafiya ne, kuma cikin mako goma sha shida wataƙila rabi ne za su zo lafiya. Akwai makon aikin dare. A wannan makon Asubar Sista tana bakin aiki, idan ta dawo kuma kanta ba ya ɗaukar komai. Kada ta yi gardama da jikinta. Barci yana cikin abin da yake zaunar da karatu a kai, kuma mai raba magani ga majinyata ba ta da ikon yin wasa da shi. Tsarin makon dare daban ne tun farko: sauraro da kalmomi kawai, sai maƙala ɗaya a ranar hutun da ta biyo baya, bayan ta rama barci.

Akwai kuma biki da suna da ta'aziyya, waɗanda a wurinmu ba a aika musu da uzurin jarrabawa. Akwai azumi, inda safiya da dare suke sauya fasali gaba ɗaya, ga hidimar buɗa-baki a kan mace. Wasu suna samun bayan sahur ya fi kowane lokaci tsabta, wasu kuwa ba sa iya komai. Mai hankali ba ya sa ranar jarrabawarsa a goman ƙarshe ko makon Sallah. Abin da yake ceton shiri a irin waɗannan makonni shi ne a yanke mafi ƙarancin da ba a sauka ƙasa da shi: maƙala ɗaya, da minti goma na sauraro kullum. Kuma ba a biyan bashi. Wanda ya rasa zama uku ya ce zai rama da awa shida ranar Lahadi, yawanci Lahadin ma ba ya yi, sai ya ji ya riga ya lalata, ya ajiye littafin wata guda. Abin da ya wuce ya wuce, Litinin a ɗora daga inda tsari yake.

Zaman awa biyu na ranar hutu kuwa ba ya samuwa sai da yardar mutanen gida, kuma yadda aka nemi yardar yana da tasiri. “Ina so in riƙa karatu” roƙo ne marar iyaka, kowa zai amsa da to, ba wanda zai canza komai. Amma idan ta ce, “Abban yara, Asabar daga tara zuwa sha ɗaya nake so ka riƙe mini su, daga yanzu zuwa wata huɗu,” ta nemi abu mai baki da ƙarshe, wanda mutum zai iya ɗauka ko ya ce a mayar Lahadi. Idan akwai kaka ko ƙanwa a kusa, a kai musu yaran, a kuma san da abin da za a kyautata musu. Magidancin da yake wannan shiri shi ma ya sani cewa awoyin da ya rufe ƙofa wani ne yake biyansu, kuma galibi matarsa ce. A gida mai yawa wani lokaci rufe ƙofa ba ya aiki, sai an bar gidan, ko zuwa ɗakin karatu, ko wani ofis da ba kowa ranar hutu.

Masu shirin jarrabawar Faransanci a Yamai ko Maradi, irin su DELF, wannan rabon lokacin zai yi musu aiki, tunda ita ma kashi huɗu ce. Bambancin shi ne a can maki 50 cikin 100 ake nema, da sharaɗin kada wani kashi ya gaza 5 cikin 25, don haka kashi mai ƙarfi yana iya tallafar mai rauni. A sharaɗin da aka gindaya wa Sista babu wannan sassaucin, sai dai NMC tana yarda a haɗa sakamakon zama biyu bisa wasu ƙa'idoji, waɗanda ya kamata a karanta daga hukumar kanta kafin a dogara da su.

A mako na takwas Sista za ta sake cikakken gwaji, da littafin da ba ta taɓa buɗewa ba. Idan sauraro ya kai 31 ko 32, ta rage masa lokaci ta ƙara wa karatu. Idan karatu ya tsaya a 25 har gwaji uku a jere, ƙarin gwaji ba zai motsa shi ba, sai ta duba ko lokaci ne yake ƙare mata a rubutu na uku, ko wani nau'in tambaya ne yake cinye ta, ta ware masa mako biyu. Idan mai gyara har yanzu yana ja mata layi a kurakuran makon farko, alama ce ranar Juma'a ake tsallakewa. Ba za ta biya kuɗi ba sai ta ga 32 ko sama a sauraro da karatu sau biyu a jere, domin zauren jarrabawa yana cin amsa ɗaya ko biyu, sai kuma mai gyara ya ba maƙalunta uku a jere 6.5. Daga nan ta kama rana mako huɗu zuwa shida a gaba, ta duba fasfonta bai ƙare ba tunda da shi za ta yi rajista kuma da shi za ta shiga, ta nemi musanyar aiki tun da wuri don kada makon ya faɗo a aikin dare. A makonni biyun ƙarshe ta yi zama biyu cikakku, sauraro da karatu da rubutu a jere ba tashi, a daidai lokacin da za ta yi ta gasken, domin rubutu, kashinta mafi rauni, shi ne yake zuwa a ƙarshe, lokacin da wadda ta saba da zaman minti 45 ta riga ta gaji.